Bulo nawa katangar fili mai ƙafa 60 da 120 za ta ci, kuma nawa za a tanada?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Agege. Na sayi fili a wajen Ikorodu, ƙafa 60 da 120, ina so in kewaye shi da katanga mai tsayin ƙafa 7 kafin damina. Mai bulo ya ce inci 6 naira 700, inci 9 naira 900. Wani magini ya ce in sayi bulo 2,000, wani ya ce 3,000. Don Allah nawa ne gaskiya, kuma nawa zan tanada gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya albarka a filin, ya sa ka ga gininsa da idonka.

Bari in fara ba ka amsar, sannan in nuna maka hanyar da na bi. Idan ƙasar filinka mai tauri ce kuma ba ta da gangara sosai, bulo 2,550 za su ishe ka: inci 9 guda 660 na cikin ƙasa, da inci 6 guda 1,890 na sama. A farashin da aka ba ka, kuɗinsu naira 1,917,000 ne. Amma kada ka tsayar da zuciyarka a kan wannan adadi, domin kuɗin bulo wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai na abin da katangar za ta ci. Abin da za ka tanada ya kai wajen naira miliyan 6, ban da ƙofar ƙarfe da filasta.

Maginan nan biyu kuwa, ba lalle ne wani cikinsu ya yi nufin cutarka ba. Na farko ya ƙirga abin da ido zai gani ne kawai, wato katangar da ke saman ƙasa. Na biyu ya haɗa da bulon da za a binne a tushe, ya kuma ɗora rara mai yawa don kada kaya su yanke masa a tsakiyar aiki. Kowannensu ya amsa tambaya daban ne, shi ya sa suka sha bamban da bulo dubu guda.

Mu fara da layi ɗaya

Ni ba na lissafin katanga da faɗin fuskarta. Na fi son in ƙirga bulon da zai zagaye fili sau ɗaya, wato layi guda, wanda magina ke kira kos, sannan in ninka da yawan layukan. Amfanin wannan hanya shi ne kai ma da ba magini ba za ka iya tsayawa a filin da yamma ka ƙirga layi nawa aka hau, ka san bulo nawa ya shiga.

Zagayen filinka shi ne 60 da 120 da 60 da 120, ƙafa 360 ke nan. A ciki za a bar ƙofar mota, mu ce ƙafa 12, da ƙaramar ƙofar mutane ƙafa 4. An cire 16, saura 344. Har yanzu ba duka wannan tsawon ne bulo zai cike ba, domin katanga mai wannan tsayi tana bukatar fila, wato ginshiƙin kankare da rodi, a kowace ƙafa 10. A zagayen ƙafa 360 za ka sami fila wajen 36, kowace faɗinta inci 9, idan ka haɗa su sun cinye ƙafa 27. Abin da ya rage wa bulo shi ne ƙafa 317.

Shi bulon da muke aiki da shi, inci 6 ne ko inci 9, tsawonsa inci 18 ne, tsayinsa inci 9. Kauri ne kaɗai ya bambanta su, kuma daga kaurin suka samo sunayensu. Saboda haka yawan bulo ba ya canzawa don ka zaɓi wannan ko wancan, kuɗi ne ke canzawa. Sai dai bulo ba ya zama kafaɗa da kafaɗa da ɗan'uwansa. Akwai kwaɓin siminti a tsakani, kuma a hannun yawancin maginanmu kaurinsa yakan kai inci guda. Ke nan kowane bulo yana cin wurin inci 19 a tsawo, inci 10 a tsayi. Mayar da ƙafa 317 zuwa inci, ka ninka da 12, za ka sami 3,804. Raba da 19, ya ba ka 200. To, layi ɗaya na katangarka bulo 200 ne.

Akwai gajeriyar hanya da magina suka fi bi. Sukan ce bulo ƙafa ɗaya da rabi ne, sai su raba 344 da ɗaya da rabi, su sami 230 a layi. Ba su cire fila ba, ba su cire kwaɓi ba, don haka akwai rarar bulo 30 ɓoye a cikin kowane layi. Hanyar ba laifi ba ce, ni ma nakan yi amfani da ita in ana tsaye a bakin fili ana son amsa nan take. Inda matsalar take shi ne mutum ya bi wannan hanya, sannan ya zo ya ce a ƙara kashi goma cikin ɗari saboda fashewa. An sa rara sau biyu ke nan, kuma daga nan ne 3,000 take fitowa. Ka zaɓi ɗaya: ko lissafin ƙafa ɗaya da rabi ba ƙari, ko lissafin inci 19 da ƙarin kashi biyar cikin ɗari. Ni na biyun na bi maka.

Ƙafa 7 daga ina?

Wannan ita ce tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya kawo mini aikin katanga a Legas, kuma sau da yawa sai mutum ya yi shiru. Ƙafa 7 inci 84 ne. Tunda kowane layi inci 10 yake ci, layi 8 zai ba ka inci 80, bai kai ba da inci 4. Layi 9 zai ba ka inci 90, wato ƙafa 7 da rabi. Babu rabin layi a gini, dole ka tsaya a ɗaya daga ciki.

Na zaɓa maka 9, ga dalili. Ƙasar da kake takawa yau a filin ba ita za ka taka ba ranar da ka tare. Za a yi ciko a tsakar gida don ruwa ya gangara waje, a shimfiɗa kankare ko bulon daɓe a kai. A waje kuma, duk ranar da aka zo yin titin unguwar da kwalbatinsa, hanyar za ta ɗaga. Duk wanda ya daɗe a garin nan ya ga gidajen da titi ya tashi ya bar su a rami, katangar da a da sai an yi tsalle a kama kanta yanzu yaro yana leƙa tsakar gida daga bakin hanya. Rabin ƙafar da na ƙara maka ita ce za ta tafi a wannan. In akwai titi mai kwalta kusa da ku, ka sa magini ya ɗauko lebur daga bakin kwalbatinsa da robar ruwa, a buga alama a turke, daga wannan alamar a fara ƙirga ƙafa 7.

Layi 9 sau 200 ya ba da 1,800. Ƙara kashi biyar cikin ɗari, wato 90, saboda wanda zai fashe wajen saukewa da wanda za a sara a gefen fila da kusurwa. Jimla 1,890. A naira 700, kuɗinsu 1,323,000.

Bulon da ba za ka sake gani ba

A nan lissafin tsawo da tsayi yake barin mutum a hanya, domin ba ya cewa komai game da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. A jar ƙasa mai tauri, irin wadda ake samu a Agege da tudun Ikorodu, nakan sa a haƙa rami mai zurfin ƙafa 3 da faɗin ƙafa 2. A zuba kankare mai kaurin inci 6 a gindinsa, sannan a hau bulo layi 3. Layi 3 inci 30 ne, da kankare inci 6 sun cike ƙafa 3 daidai, an fito saman ƙasa.

Tushe ba ya tsallake ƙofa. Ina so ya zagaye ba yankewa, har ƙarƙashin inda mota za ta riƙa takawa, don filolin ƙofa biyu su zama a ɗaure da juna. Saboda haka a nan da 360 za mu yi aiki, mu cire ƙafa 27 ta fila, saura 333. A inci 19 ga kowane bulo, layi ɗaya 210 ne. Layi 3 ya zama 630, da 'yar rara mu ce 660. A naira 900, kuɗinsu 594,000.

Waɗannan kam inci 9 za su zama, ba na sassautawa a kai. Su ke ɗauke da nauyin katangar duka, su ke zaune cikin danshi shekara da shekaru, su ne kuma ƙasar ciko za ta riƙa turawa daga ciki. Ramukansu ma ba a barinsu fayau, cika su ake yi da kankare mai sauƙin haɗi. Na sama kuwa inci 6 ya wadatar matuƙar filolin suna nan a kowace ƙafa 10. Da za ka yi duka da inci 9, bulo 2,550 a naira 900 zai kama 2,295,000, ƙarin 378,000 ke nan, ban da ƙarin siminti da zai ci. Da wannan kuɗin na fi so ka sayi rodi mai kyau.

Ga iyakar abin da zan iya yi maka daga nesa: ban ga ƙasarka ba. Ikorodu ba iri ɗaya ba ce. Akwai tudu mai jar ƙasa, akwai kuma gefen da ke gangarawa bakin ruwa, inda in ka haƙa ƙafa biyu sai ruwa ya fara tsattsafowa. Kafin ka ba mai bulo ko kwabo, ka biya lebura ya haƙa rami huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, zurfin ƙafa 3 zuwa 4. Ka tsaya a kai da kanka. Ka duba launin ƙasar da shebur ke fitarwa, ka damƙi ta gindin ramin a hannunka. In ja ce ko ruwan ƙasa, tana da nauyi, diga tana shan wuya kafin ta shige ta, lissafina yana nan. In baƙa ce mai laushi, tana warin ruɓaɓɓen ganye, ko ka dawo washegari ka tarar ruwa ya kwanta a ramin, to ka ajiye lissafin tushen nan gefe, ka nemi injiniya ya zo ya gani. Irin wannan ƙasa, wadda ta yi yawa a Ajah da Ibeju-Lekki da wasu sassan hanyar Badagry, takan bukaci bim na kankare da rodi ya zagaye ƙarƙashin katangar, kuma kuɗin tushe kaɗai yana iya ninkawa.

Gangara ma tana cin bulo a ɓoye. In bayan filinka ya fi gabansa ƙasa da ƙafa biyu, bangon baya zai bukaci ƙarin layi biyu ko uku kafin ya kamo lebur ɗin gaba, gefuna biyu kuma a yi musu tushe hawa-hawa kamar matakala. Ka riƙe wannan a ranka: duk layi ɗaya da aka ƙara a tushe zagaye guda, bulo 210 ne, naira 189,000, tun ba a taɓa siminti ba.

Na taɓa zuwa gyaran wata katanga a wajen Alaba Rago, ta wani ɗan'uwanmu mai sayar da dabbobi. An yi mata tushe layi biyu da bulo inci 6, ramukan ba ciko, fila kuma sai a kusurwa kaɗai. Ta yi shekara tana tsaye lafiya. Da ya zo cike filin, tifa ta juye ƙasa har ta jingina da bangon baya kusan ƙafa uku, sai ruwan Yuni ya sauka a kai. Da na isa, bangon ya kwanta cikin filin maƙwabci kamar an shimfiɗa tabarma, bulon yana jere yadda aka gina shi, ko rabuwa bai yi ba. Na durƙusa na duba gindin, layin farko ne ya karye a kan kankare, ƙasar ciko ta jiƙe ta yi nauyi, ruwan bai sami hanyar fita ba. Mai gidan yana tsaye yana juya carbi, abin da kawai ya ce mini shi ne, "Malam, da ma an gaya mini." Tun daga ranar, duk bangon da zai tare ciko sai na sa an bar masa ƙananan bututun roba a layin ƙasa, kowace ƙafa 6 zuwa 10, don ruwa ya riƙa tsiyayewa.

Sauran kuɗin

Bulo naira 1,917,000 mun gama da shi. Ragowar kayan zan ba ka yawansu, wanda ba ya canzawa, sannan in sa musu farashi na misali don mu ga girman abin. Farashin siminti da rodi a Legas ba ya kwana wuri ɗaya, don haka ranar da za ka saya ka cire nawa ka sa na kasuwa.

Siminti shi ne na biyu a nauyi, kuma wuri huɗu yake tafiya. Na farko kwaɓin ɗora bulo. A aikina, buhu ɗaya mai kilo 50 da yashi kwanon sarki 12 yakan ɗora bulo inci 6 wajen 70, ko inci 9 wajen 50. Na sama za su ci buhu 27, na tushe 13, jimla 40. Na biyu kankaren gindin rami. Buhu ɗaya, yashi kwano 6, tsakuwa kwano 12. A tsawon ƙafa 360 da faɗin ƙafa 2 da kaurin inci 6, zai ci buhu 45. Na uku filoli. Su haɗinsu ya fi ƙarfi, buhu ɗaya da yashi kwano 4 da tsakuwa kwano 8. Kowace fila daga saman kankaren tushe zuwa kan katanga layi 12 ce, ƙafa 10 ke nan, kuma lissafinta yana da sauƙin riƙewa: fila ɗaya, buhu ɗaya. Buhu 36. Na huɗu cikon ramukan bulon tushe, wajen buhu 20. Ka haɗa, buhu 141. In buhu naira 10,000 ne, ka kashe 1,410,000.

Ka lura da abu ɗaya a nan. Cikin buhu 141, arba'in kacal ne na ɗora bulo. Ɗari da ɗaya duk kankare ne. Shi ya sa in magini ya kawo maka takarda ka ga siminti buhu 60 ko 70 a katanga irin wannan, kada ka yi murna da arha. Ka tambaye shi kaurin kankaren tushe da yawan fila, a nan ya rage.

Rodi tsawonsa mita 12 ne, ƙafa 39 da ɗoriya. Kowace fila tana son sanda huɗu na rodi mai milimita 12, kowace sanda wajen ƙafa 12 saboda lanƙwasar da za ta zauna cikin kankaren tushe. Rodi ɗaya yana ba da sanda uku. Fila 36 sau huɗu sanda 144 ne, raba uku, rodi 48. Sai zoben da ke ɗaure sandunan, na milimita 8, a jera su tazarar inci 9. Kowace fila tana cinye kusan rodi guda, 36 ke nan. In mun sa babban a naira 10,000, ƙaramin a 5,000, kuɗin rodi 660,000.

Tsakuwa wajen tan 30, yashi mai kaifi shi ma wajen tan 30. Mu sa musu 850,000 su biyun, ko da yake nisan filinka da titi da halin hanyar su ne za su yanke farashin. Akwai lungunan da direban tifa zai ce ba ya shiga da damina ko nawa za ka ba shi. Aikin hannu kuma, wato haƙa rami, ɗora bulo, zuba kankare, kafinta da katakonsa, mai ɗaurin rodi, da ruwan da za a saya in babu rijiya, mu ware masa 1,200,000. Jimlar komai naira 6,037,000.

Raba wannan da kuɗin bulo, za ka ga ya ninka shi sau uku da 'yan kai. Wannan ne ma'aunin da nake ba mutane su riƙe a ka: a ƙasa mai tauri, kuɗin bulo sau uku. Ba ya maye gurbin lissafi, amma yana hana mutum ya fara aiki da miliyan biyu a hannu yana zaton zai gama.

Abin da ban sa ba: ƙofar ƙarfe, fenti, waya mai ƙaya, da filasta. Filasta ciki da waje za ta ƙara cin siminti buhu 50 zuwa 60, kuma ita tana iya jira har shekara mai zuwa ba abin da zai sami katangar. Haka nan ban sa kuɗin takardar izini ba. A Legas katanga ma ana nema mata izini a hukumar tsara gine-gine ta jiha, kuma a nan za a nuna maka inda bangon gaba zai tsaya daga bakin hanya. Ga kuma 'yan omonile, wato 'yan asalin wurin masu neman kuɗi a hannun masu gini, waɗanda ka san halinsu tunda ka sayi fili a garin nan. Ka koma wurin dangin da suka sayar maka, ku gama magana a rubuce kafin tifar farko ta shigo, don ranar da aka tsayar da aiki leburori suna zaune, kuɗin yininsu a wuyanka yake.

Kafin ka biya mai bulo

Duk lissafin nan ya ginu ne a kan bulo mai inci 18 da inci 9. Ba kowane injin bulo ne ke fitar da wannan ba. Ka tafi da abin awo a aljihu, ka zaro bulo uku daga tsakiyar tari, ba na gaba da aka jera don baƙi ba, ka auna. Na sha ganin wanda tsawonsa inci 17 ne. Inci guda kamar ba komai ba, amma a layinka na inci 3,804, maimakon raba da 19 sai ka raba da 18, layin ya tashi daga 200 zuwa 211. A layi 9 bulo ɗari ne suka ƙaru, rarar da muka sa ta tafi duka. In tsayinsa ne ya gaza da rabin inci, layi 9 zai rasa inci 4 da rabi, magini kuma zai cike gibin da kwaɓi mai kauri, simintinka ne zai biya.

Sai ƙarfinsa. Ka karce gefen bulon da makullin mota. Mai kyau zai bar farin zane kawai. Marar kyau zai zubo da yashi kamar garin kwaki. Ka ɗaga ɗaya zuwa ƙugunka ka sake shi a ƙasa mai tauri. In ya rabe biyu ko gefensa ya ɓantare, da sauƙi. In ya watse, ka yi sallama ka wuce, ko da ya rage maka naira hamsin a kowane ɗaya. Ka tambayi ranar da aka buga shi. Bulon da aka buga shekaranjiya bai gama shan ruwa ba, a mota ma zai fara karyewa. Ni nakan biya kuɗin wani tari, in sa masa alama da fenti, in ce a ci gaba da ba shi ruwa, in dawo ɗauka bayan mako biyu. Ka kuma tabbatar ko naira 700 ɗin har da kawowa da saukewa ne, da kuma wanda zai ɗauki asarar wanda ya fashe a hanya. Masu bulo da yawa sukan canza wanda ya fashe in an ƙirga a gaban direba, amma in mota ta juya ta tafi, magana ta ƙare.

Kada ka sayi 2,550 a rana ɗaya. Fara da 660 na inci 9. In an fito daga ƙasa, ka zagaya da ƙafarka ka ƙirga bulon layi ɗaya. In ka sami kusan 210, lissafinmu ya yi daidai da hannun magininka da girman bulon, sai ka sayi 1,000 na inci 6, ragowar kuma in an kai layi na biyar ka sake ƙirgawa ka cike. Bulon da ya kwana a buɗaɗɗen fili ba mai gadi yakan yi ƙafa, wanda ya rage bayan an gama kuma da wuya mai bulo ya karɓe shi a farashin da ya sayar.

Abu biyu na ƙarshe da za su iya taɓa adadin. In maƙwabcinka ya riga ya yi katanga a gefe ɗaya mai ƙafa 120, kuma kun yi yarjejeniya a rubuce cewa za ku yi tarayya a kanta, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk abin da na lissafa ya fita. In babu rubutu, gina taka a cikin iyakarka. Sannan 60 da 120 ɗin da aka faɗa maka da baki, ka gwada shi da takardar safiyo, ka nemo duwatsun iyaka huɗu a ja igiya a tsakaninsu a auna. Filaye da yawa da ake kira fuloti ɗaya gefe guda yakan fi ɗaya tsawo, kuma da tsawon igiyar za ka yi lissafi, ba da sunan filin ba.

Tunda kana so ka riga damina, ka matsa a gama tushe da filoli kafin Afrilu. Da zarar ruwa ya kankama, ramin tushe cika yake yi cikin dare, gefensa ya rufta, sai an sake biyan leburori su kwashe kafin a zuba kankare. In ka haƙa ramukan gwajin nan huɗu, ka rubuto mini abin da ka gani a gindinsu da bambancin lebur tsakanin gaba da baya, in gyara maka adadin bulon tushe a kan haka.